Shin manhajar hira za ta iya shiga kwamfutarka da kanta?

Tun da aka fara yaɗa bidiyoyin da ke nuna basirar na'ura tana motsa linzamin kwamfuta, tana cike fom, tana sayen tikiti ba tare da hannun mutum ba, tambaya ɗaya take ta yawo a tsakanin Hausawan Jidda da Makka da Madina: idan na rubuta wa manhajar hira sunana na shiga da kalmar sirrina, za ta shiga kwamfutata ta yi mini aikin? Masu ofisoshin kago suna tambaya, masu hidimar alhazai da masu Umara suna tambaya, haka ma ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina. Wasu sun rantse sun ga ta yi, wasu kuma sun ce ƙarya ce tsagwaronta. Kowane ɓangare yana da abin da ya gani, sai dai ba abu ɗaya suke magana a kai ba.

Amsar a taƙaice ita ce, manhajar hira ta yau da kullum ba ta da hanyar da za ta kai ga kwamfutarka, ko da ka ba ta kalmar sirrin daidai. Kalmar ba za ta buɗe mata komai ba. Amma tana iya buɗe wa wani mutum dabam abubuwa da yawa, kuma a nan ne haɗarin yake.

## Abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya

Na farko shi ne manhajar hira zalla, irin wadda mutane suka sani tun da aka saki ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba 2022, sannan Gemini da Claude da Copilot da sauransu suka biyo. Abin da kake gani a wayarka ko a burauzarka taga ce kawai. Ƙwaƙwalwar da ke haɗa amsar tana can a manyan kwamfutocin kamfanin, a wata ƙasa. Kana rubutu, rubutun ya tafi can, amsa ta dawo a rubuce. Iyakarta ke nan. Ko da tana iya binciken intanet ko karanta fayil ɗin da ka ɗora mata, a can take yin aikin, ba a cikin na'urarka ba.

Na biyu shi ne abin da ake kira wakili, wato manhajar da aka haɗa wa kayan aiki ta yadda rubutun da ta fitar zai zama danna maɓalli ko buɗe shafi. Kamfanin Anthropic ya fito da irin wannan a Oktoba 2024, OpenAI ya fito da Operator a Janairu 2025. Yawancin bidiyoyin da ke ruɗa mutane na wannan rukunin ne. Abin da mai kallo ba ya lura da shi shi ne, allon da ake nunawa sau da yawa ba na kwamfutar mai bidiyon ba ne, burauza ce ta aro da ke aiki a kwamfutocin kamfanin.

Na uku shi ne wakilin da kai da kanka ka sauke ka girka a kwamfutarka, ko ƙarin da ka liƙa wa burauzarka. Wannan kam yana taɓa fayilolinka, yana gudanar da umarni. Amma ba daga waje ya shigo da kalmar sirri ba. Kai ka shigo da shi, kuma yana aiki ne da ikon da asusunka yake da shi tun da ka riga ka buɗe kwamfutar.

Tambayar da mutane ke yi galibi a kan na farko take, don shi ne a wayar kowa.

## Abin da ke tsakanin kalmar sirri da kwamfutar

A ɗauki misalin wani dattijo mai ƙaramin ofishin kago a Jidda, yana aika kayan alhazai zuwa Kano da Yamai. Ya tafi Makka, yana wajen wani ɗan'uwa a Shara Mansur, sai wani abokin ciniki ya kira yana neman rasit ɗin kayansa. Rasit ɗin yana cikin kwamfutar ofis, ofis kuma a rufe. Ya ji ana cewa manhajar nan ba abin da ba ta yi, sai ya ce wa ɗan ƙanensa ya rubuta mata sunan shiga da kalmar sirrin, ta ɗauko takardar. Yaron ya ce, "Kawu, ai ko mun rubuta mata, ba ta san inda kwamfutar take ba." Gaskiyar yaron ce, kuma dalilan suna da matakai.

Da farko, kalmar sirrin Windows ana karɓarta ne a allon shiga na wannan kwamfutar. Kafin wani ya yi amfani da ita daga nesa, sai an kunna wata ƙofa a cikin kwamfutar da ke sauraron masu zuwa daga waje. A Windows sunanta Remote Desktop, tana sauraro a lamba 3389. A Linux yawanci SSH ce, a lamba 22. Remote Desktop a kashe take zuwa, kuma nau'in Windows Home, wanda shi ne a kan yawancin kwamfutocin da ake saya a kanti, ba ya ma karɓar irin wannan shigar ko kaɗan. Sai Pro da na sama da shi.

Na biyu, kwamfutar ofishin ba ta da adireshin da za a same ta da shi daga intanet. Wanda ya buɗe Command Prompt ya rubuta wannan umarnin zai gani da idonsa:

```
ipconfig
```

A layin `IPv4 Address` zai ga lamba kamar `192.168.1.12`. Duk lambar da ta fara da 192.168, ko da 10, ta cikin gida ce. Miliyoyin kwamfutoci a duniya suna ɗauke da wannan lambar a lokaci guda, kowace a bayan nata rawuta. Rawutar ce ke da adireshin waje, kuma a tsarinta tana barin abin da na ciki ya nema ya dawo masa, amma baƙon da ya ƙwanƙwasa daga waje ba tare da an kira shi ba, watsar da shi take yi. Sai mai ofis ya shiga saitin rawutar ya ce duk mai zuwa lamba 3389 a kai shi ga kwamfuta kaza. Idan kuwa ofishin yana amfani da rawuta mai layin waya, ta 4G ko 5G, kamar yadda ƙananan shaguna da yawa ke yi, sau da yawa ita kanta rawutar ba ta da adireshin waje nata, kamfanin sadarwa ya haɗa ta da ɗimbin mutane a kan adireshi ɗaya.

Na uku, ko da an kunna ƙofar, an gyara rawutar, an bar kwamfutar a kunne ba ta yi barci ba, manhajar hira zalla ba ta da kayan da ake buɗe irin wannan haɗin da shi. Kamar masanin da ka kira a waya ne: zai iya gaya maka wane makulli ne na wace ƙofa, amma hannun da zai murɗa shi naka ne.

Saboda haka rasit ɗin dattijon yana nan inda yake sai wani ya je ya buɗe ofis. Da tun farko ya sa fayilolin ofis suna hawa wurin ajiya na intanet, da ya buɗe su a wayarsa daga Makka da kansa, ba tare da ya gaya wa kowa kalmar sirri ba.

## Idan amsar ta nuna kamar an shiga

Waɗanda suka rantse sun ga ta yi, yawancinsu ba ƙarya suke ba. Sun ga amsa ce mai kama da ta wanda ya shiga. Manhajar hira an gina ta ne ta ci gaba da rubutu da abin da ya fi dacewa da wanda ya gabata. Manyan manhajojin yawanci suna bayyana cewa ba su da hanyar shiga, amma wani lokaci, musamman ƙanana da na jabu, sukan bi mutum a kan abin da yake so ya ji, su jero sunayen manyan fayil kamar Documents da Downloads da Pictures, su ba da rahoton cewa an goge ƙwayar cuta ko an gyara matsala. Waɗannan sunayen suna cikin kowace kwamfutar Windows, ba sai an shiga ake sanin su ba.

Wannan ya fi a ce ba a yi komai ba muni, domin mutum zai tashi da tunanin an tsabtace masa kwamfuta alhali ba a taɓa ta ba.

Akwai hanya mai sauƙi ta ganewa. Mutum ya buɗe sabon fayil a kan allon kwamfutar, ya rubuta lambobi shida da ya ƙirƙira a take, ya ajiye. Duk abin da ya shiga kwamfutar da gaske zai iya karanto lambobin nan. Wanda bai shiga ba sai dai ya yi canki.

Hanya ta biyu ita ce duba littafin da Windows ke rubuta duk wata shiga a ciki. A danna maɓallin Windows da R tare, a rubuta:

```
eventvwr.msc
```

Sai a buɗe Windows Logs, a shiga Security. Lamba 4624 tana nufin an shiga cikin nasara, 4625 kuma an gwada an kasa. A cikin kowace 4624 akwai layin Logon Type. Idan 2 ne, mutum ne ya zauna a gaban kwamfutar. Idan 10 ne, an shigo ta Remote Desktop daga nesa, kuma za a ga adireshin da aka fito. Kada yawan 4624 ya tsorata kowa, akasarinsu nau'i na 5 ne, ayyukan Windows ne na cikin gida da ke tashi da kansu. Mai ofishin kago da ya duba lokacin da aka ce an shiga, ba zai ga 10 ba.

Wannan binciken yana da iyaka. Manhajojin sarrafa kwamfuta daga nesa irin su AnyDesk da TeamViewer ba sa bayyana a matsayin nau'i na 10, domin suna hawa kan zaman da ka riga ka buɗe ne. Su kuma ba sa jiran baƙo ya ƙwanƙwasa, daga ciki suke kiran waje, shi ya sa rawuta ba ta tare su. Duk wanda wata "manhajar hira" ta sa ya girka ɗaya daga cikinsu ya karanto lambar da ta fito, to ya sani an shiga kwamfutarsa da gaske, kuma mai shigar mutum ne.

## Ina kalmar sirrin take zuwa

Akwatin kalmar sirri na shafin kirki da akwatin hira ba iri ɗaya ba ne, ko da yake duka rubutu ake yi a cikinsu. Shafin da aka gina da kyau ba ya ajiye kalmar sirrinka yadda ka rubuta ta. Yana juya ta ne da lissafin da ba ya komawa baya, ya ajiye sakamakon, ta yadda ko ma'aikatansa ba za su iya karanta ta ba. Akwatin hira kuwa an yi shi ne don a karanta abin da ke ciki. Kalmar tana zama jimla kamar kowace jimla a tarihin hirarka, baro-baro, tare da bayanin da ka yi na cewa ta kwamfutar ofis ce.

Daga nan hanyoyin fitarta suna da yawa, kuma an ga kowace ta faru. A Maris 2023 wani kuskure a ChatGPT ya sa wasu masu amfani da ita suka ga kanun hirarrakin wasu mutane. A Yuni na shekarar, kamfanin tsaro na Group-IB ya ba da rahoton cewa ya gano bayanan shiga asusun ChatGPT sama da 100,000 ana sayarwa, waɗanda manhajojin sata suka kwashe daga kwamfutocin mutane. Wanda ya sayi irin wannan asusun, tarihin hira yake fara dubawa. A tsakiyar 2025 kuma aka ga hirarrakin ChatGPT da mutane suka raba ta hanyar mahaɗi suna fitowa a binciken Google, har OpenAI, mai ChatGPT, ya cire zaɓin da ke barin su fito a binciken. Google shi ma yana gargaɗi a bayanan Gemini cewa mutane masu tantancewa suna iya karanta wasu hirarraki, don haka kada a rubuta abin sirri.

Goge hirar yana taimakawa, amma ba ya mayar da hannun agogo baya. OpenAI yana cewa yana share abin da aka goge cikin kwana 30, sai dai a 2025 wata kotu a Amurka ta umarce shi na wani lokaci ya riƙe har hirarrakin da aka goge, saboda shari'arsa da jaridar New York Times. Wanda ya rubuta kalmar sirrinsa a Jidda ba shi da ta cewa a wannan hukuncin.

Duk wannan a kan manyan kamfanoni ne, masu suna da abin da za su rasa. A cikin jama'armu kuwa, da yawa ba ta manhajar asali suke hira ba. Wani lamba aka tura masa a WhatsApp, wani bot ne a Telegram, wani kuma manhaja ce mai tambari irin na asali da ya sauke don ta kyauta ce kuma tana jin Hausa ko Larabci. Duk wanda ya kafa irin wannan yana iya karanta kowane saƙo da aka aika masa. Rufin sirrin WhatsApp yana kare saƙo ne a hanya, ba ya ɓoye shi daga wanda aka aika wa.

Wani zai ce, tunda kwamfutar tana bayan rawuta ba wanda zai kai gare ta, mene ne abin damuwa idan kalmar ta fita? A nan mutane da yawa suke kuskure. Windows na yanzu yana matsa wa mutum ya shiga da asusun Microsoft, wato adireshin imel da kalmar sirri. Idan haka dattijon ya yi, kalmar da yake kira ta kwamfutar ofis ita ce ta imel ɗinsa na Outlook, ita ce ta OneDrive, wurin ajiya na intanet na Microsoft, inda wataƙila Desktop da Documents suke hawa ba tare da ya sani ba. Ɓarawo ba ya buƙatar ya je kusa da ofishin. Daga ko'ina zai buɗe burauza ya ga hotunan fasfo na abokan ciniki da rasit da lambobin waya, idan dai ba a kunna tabbaci na biyu ba, wato lambar da ake nema daga wayar mai asusun bayan kalmar sirri. Lambar PIN ta Windows dabam take, tana aiki ne a kan wannan na'urar kaɗai. Sai kuma tsohuwar ɗabi'ar nan ta amfani da kalma ɗaya a imel da Facebook da manhajar banki, wadda ke sa fitar kalma guda ta zama fitar duka.

## Inda masana suka rabu: batun wakili

A kan manhajar hira zalla babu gardama, ba wanda ke cewa a rubuta mata kalmar sirri. Saɓanin yana kan wakilai.

Masu goyon baya suna cewa ba yau aka fara ba wa manhaja izini ba. Manhajar imel ta waya tana karanta wasiƙunmu, manhajar ajiya tana kwafe hotunanmu, duniya ba ta tashi ba. A ganinsu, ga mai ƙaramin ofis da ba shi da kuɗin ɗaukar akawu, wakilin da zai shigar da rasit ɗari cikin jadawali riba ce a fili. Suna kuma nuna cewa wakilan da aka gina da kyau ba sa neman a rubuta musu kalmar sirri a hira. Ko dai su tsaya a shafin shiga su miƙa wa mutum allon ya rubuta da kansa, ko su tura shi shafin Google ko Microsoft na asali, inda zai ga jerin abin da ake neman izini a kai ya amince. A wannan tsarin wakilin yana samun takardar izini ce mai iyaka, wadda za a iya soke ta daga saitin asusun ba tare da an canza kalmar sirri ba.

Masu taka-tsantsan ba su musanta wannan ba. Damuwarsu ita ce wakili ya bambanta da manhajar imel a wuri ɗaya mai muhimmanci: umarni da bayani duk ta hanya ɗaya suke shigar masa, wato rubutu, kuma ba kullum yake bambance su ba. A ce dattijon ya sa wakili ya karanta imel ɗin ofis ya tattara buƙatun abokan ciniki. Wani ya aiko wasiƙa kamar mai tambayar farashin kilo zuwa Kano, amma a ƙasanta ya ɓoye layi da farin rubutu a kan farin shafi, yana umartar a tura duk fayilolin fasfo zuwa adireshi kaza. Idon mutum ba zai ga layin ba, wakili zai karanta shi, kuma yana iya ɗaukarsa a matsayin aikin da aka sa shi. An fara bayyana wannan raunin tun 2022, kamfanonin sun rage shi sosai, amma su da kansu suna faɗa cewa ba a kawar da shi ba.

Akwai kuma kuskure ba tare da maƙiyi ba. A Yuli 2025 wakilin kamfanin Replit ya goge rumbun bayanan wani ɗan kasuwa, Jason Lemkin, duk da an umarce shi kada ya canza komai. An dawo da bayanan daga baya, shugaban kamfanin ya ba da haƙuri a bainar jama'a.

Idan aka auna, kowane ɓangare yana da gaskiya a inda ya tsaya. Amfanin wakili tabbas ne, haɗarinsa kuma yana tafiya ne da girman abin da aka bar shi ya taɓa. Wakilin da aka killace a babban fayil guda mai ɗauke da kwafin rasit, wanda ke tsayawa ya nemi amincewa kafin ya goge ko ya aika wani abu, ɓarnarsa ba za ta wuce wannan fayil ɗin ba. Wanda aka sake a asusun mai cikakken iko, a burauzar da banki da imel suke buɗe, duk abin da mai kwamfutar zai iya yi shi ma zai iya. Kuma ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu guda: duk manhajar da ta ce a rubuto kalmar sirri a cikin akwatin hira, ko dai an gina ta da ganganci, ko an gina ta don sata.

## Abin da ya sa lamarin ya fi nauyi a Saudiyya

A nan ƙasar, kusan rayuwar mutum gaba ɗaya tana rataye a asusu biyu ko uku. Absher ne ke riƙe da iƙama da bizar fita da dawowa da bayanan iyali da mota. Nafath kuma shi ne ake tabbatar da mutum da shi a shafukan gwamnati da bankuna da kamfanonin waya: shafi ya nuna lamba, mutum ya zaɓi irinta a manhajar wayarsa, wani lokaci a haɗa da duba fuska. Ga wanda Larabcinsa na karatu bai yi ƙarfi ba, ko dattijon da ya saba miƙa wayarsa ga mai shagon hidima a cike masa komai, ba abin mamaki ba ne ya ga manhajar hira a matsayin sabon mai shagon.

Manhajar hira ba za ta sabunta wa kowa iƙama ba. Shiga Absher yana buƙatar lambar da ake turowa wayar mai asusun, Nafath yana buƙatar mai wayar ya zaɓi lambar da hannunsa. An sa waɗannan matakan ne daidai don kalmar sirri ita kaɗai kada ta isa. Saboda haka idan wani abu mai kiran kansa basirar na'ura ya karɓi lambar iƙama da kalmar sirri, sannan ya nemi a turo lambar da ta shigo waya, ko a zaɓi lamba kaza a Nafath, to a daidai wannan lokacin wani yana zaune yana shiga asusun da sunanka. Dabarar da 'yan damfara ke yi ta kiran waya suna cewa daga banki suke ita ce dai, an canza mata riga. Da amincewa guda a Nafath ana iya fitar da layin waya ko buɗe asusun kuɗi da sunan mutum, kuma idan aka yi laifi da su, shi hukuma za ta fara nema. Baƙon da zamansa ya dogara da tsabtar takardunsa ya fi kowa sanin abin da wannan ke nufi.

Ga ma'aikaci kuma akwai wani nauyin. Kalmar sirrin kwamfutar kamfani ko ta kafili amana ce, ba mallakarsa ba ce da zai bayar. Kamfanin Samsung ya taƙaita amfani da irin waɗannan manhajojin ga ma'aikatansa a 2023 bayan wasu sun liƙa bayanan cikin gida a ChatGPT. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗauri har na shekara huɗu, da biyan tara har riyal miliyan uku, ko ɗaya daga cikinsu, ga wanda ya shiga tsarin wani ba da izini ba don ya goge ko ya fitar da bayanai. Wannan hukuncin ɓarawon ne, amma bincike yana farawa daga asusun da aka shiga da shi. Dokar kare bayanan mutane kuma, wadda aka fara aiwatarwa gadan-gadan a Satumba 2024 ƙarƙashin kulawar hukumar SDAIA, ta ɗora wa duk mai tara bayanan jama'a alhakin tsare su. Ofishin kago ko na Umara mai fasfo ɗaruruwa a kwamfuta yana cikin waɗanda dokar ke nufi, komai ƙanƙantarsa.

## Neman taimako ba tare da kalmar sirri ba, da gyara idan an riga an bayar

Babu matsalar kwamfuta da ake buƙatar kalmar sirri kafin a bayyana yadda za a gyara ta. Abin da ke da amfani shi ne nau'in Windows ɗin, da saƙon kuskuren kamar yadda ya fito, da abin da aka yi kafin ya fito. Idan za a ɗora hoton allo, a rufe suna da lambar iƙama da lambar asusu tukuna. Idan fayil ɗin saiti ne ake son a duba, a maye gurbin kalmar sirrin da ke ciki da wasu haruffa na banza. Umarnin da aka samu kuma kada a liƙa shi a kwamfuta sai an fahimci aikinsa, musamman dogon layin da ke sauko da wani abu daga intanet ya gudanar da shi a take, domin ta nan ma ana shigo da manhajar sata da hannun mai kwamfutar.

Wanda ya riga ya rubuta kalmarsa a hira, abu na farko shi ne ya canza ta, kafin ma ya goge hirar, kuma ya canza a duk inda ya maimaita ta, yana farawa da imel, don ta imel ake dawo da sauran asusu. Sai ya kunna tabbaci na biyu, ya shiga sashen tsaro na asusun Google ko Microsoft ya duba jerin na'urorin da suka shiga kwanan nan, ya fitar da duk wadda bai sani ba, ya soke izinin manhajojin da bai gane ba. Ya leƙa saitin imel ɗin ko an sa dokar tura wasiƙu zuwa wani adireshi, don ɓarayi suna barin wannan a baya, kuma canza kalmar sirri ba ya cire ta.

Idan har an girka AnyDesk ko makamancinsa, a cire kwamfutar daga intanet, a yi canjin kalmomin daga wata na'ura mai tsabta, don wadda aka shiga ba abin yarda ba ce sai an duba ta ko an sake girka Windows. Idan bayanan banki sun fita, a kira lambar da ke bayan katin a tsayar da shi nan take. Idan na Absher ne, bayan canza kalmar a duba layukan wayar da aka yi wa rajista da lambar iƙamar, a kai rahoto ga hukuma, saƙon damfarar da ya zo ta waya kuma a tura shi zuwa 330330.